Yadda ake kiran dangi zaman shirin biki: wa ke kira, yaushe, a ina, kuma a kan me

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ranar auren ƙanwata, Asabar 14 ga Fabrairu, kafin azumi. Mahaifinmu ya rasu, Baffanmu da zai ba da aure yana Tawa, mu kuma muna Yamai, unguwar Bukoki, tare da Mama. An ce ni, da yake ni ne babban ɗa namiji, in kira dangi a zauna a tsara biki. Yaya zan rubuta saƙon, kuma me zan sa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa a yi biki lafiya.

Kafin ka ɗauki waya ka fara rubutu, ka san cewa kai magatakarda ne a wannan lamari, mai kiran taro kuwa Baffanku ne. Shi ne waliyyi, shi ne uban amarya a yanzu, don haka da sunansa saƙon zai fita. Dalilin a fili yake. Ɗa ba ya tara iyayensa. In Gwaggo ta buɗe waya ta ga "ina gayyatarku" daga yaron da ta goya, ko ta zo za ta zo da abin a ranta, kuma za ka ji shi a tsakiyar zama, lokacin da ake maganar kuɗin shinkafa. In kuwa ta ga "Baffa Alhaji ne ya ce a sanar da ku", magana ta ƙare, ƙaninta ko wanta ne ya kira ta. Sai ka fara kiran Baffa, ka gaya masa ga ranar da kuke gani, ga wuri, ga abubuwan da za a tattauna, ka karanta masa saƙon daga farko har ƙarshe, ya ce "tura". Mama ma a karanta mata, domin rabin abin da za a yi magana a kai, musamman kayan ɗaki, a hannunta yake.

Bayan haka akwai mutanen da bai kamata su fara jin labarin zaman a rubuce ba. Yawanci ba su wuce biyar ko shida ba: babbar Gwaggo, babban Kawu daga ɓangaren Mama, kaka in tana raye, da duk wani dattijo da ake kai wa gaisuwar salla. Wanda yake Yamai a je gidansa da ƙafa, wanda yake Tawa ko Ƙonni a kira shi, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a isar da saƙon Baffa. Sai an gama da su saƙon rubutu zai shiga zauren WhatsApp na dangi. Wannan jeri shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, kuma alamar an yi tuntuɓen ita ce shiru: yara su yi ta turo "Allah ya kai mu", manya ba wanda ya ce uffan. In ka ga haka, kada ka sake tura saƙon, tashi ka je ka gaishe su.

Su wa za a kira? Zaman shiri ya bambanta da biki. Wanda zai yanke shawara, wanda zai ba da kuɗi, da wanda zai ɗauki aiki, su ake nema. Mutum goma sha biyu zuwa ashirin sun isa. In aka kai arba'in, an koma gaisuwa da raba ruwan sanyi, magariba ta yi ba a tsayar da komai ba. Amma ka lura da daidaito tsakanin dangin uba da dangin uwa. Tunda mahaifinku ba ya raye, kuma a gaban Mama kuke, dangin uba suna saurin jin cewa an ture su gefe, kawunai sun karɓe biki. Ka ƙirga sunayen a takarda, gefe biyu, ka ga ba a bar wani ɗaki ba. In mahaifinku ya bar mata fiye da ɗaya, ƴan ɗakin kishiyar Mama su ji kira a rana ɗaya da kowa. Dangin ango ba sa cikin wannan zama, nasu daban ne, abin da ya haɗa ku wakilai ne za su kai su kawo. Amarya ma ba a zaunar da ita gaban iyaye ana lissafin katifarta, yayarta ko wata Inna da take sakewa da ita ta zo da abin da take so.

Yanzu ranar zama. Da biki 14 ga Fabrairu, ni Lahadi 4 ga Janairu zan zaɓa. Kusan mako shida ke nan kafin ɗaurin aure, kuma abin da ya sa na tsaya a nan shi ne akwai ƙarshen wata guda a tsakani. Ma'aikaci da ya yi alkawarin gudummawa a farkon Janairu zai cika da albashin ƙarshen watan, a sami kusan mako biyu na sayayya. In ka sa zaman a farkon Fabrairu, an riga an kashe albashi, sai alkawari ya yi yawa, kuɗi ya yi kaɗan. Ga kuma kafinta da tela: gado da kabad ba a haɗa su a kwana goma, kuma makonnin da ke gabanin azumi lokacin cinkoson bukukuwa ne, masu hayar rumfa da kujeru suna cika da wuri. Lahadi ta fi Asabar saboda Asabar ranar ɗaurin aure ce a Yamai, da wuya a rasa wani a cikin dangi da ke da sabga. Saƙon kuma ya fita kwana goma kafin zaman, wajen 25 ga Disamba. Daga Tawa zuwa Yamai tafiya ce ta sama da kilomita ɗari biyar, ta Ƙonni da Dogonduci da Doso, yini guda take ci a bas. Dattijo yana buƙatar ya shirya, ya iso Asabar, ya huta, a zauna Lahadi, ya koma Litinin. Ka kuma duba kalanda da idonka kafin ka tura. Ana yawan rubuta "Lahadi 5 ga wata" alhali 5 ɗin Litinin ce, rabin mutane su bi rana, rabi su bi lamba.

Lokaci a rubuta shi da salla da agogo tare, a kuma faɗi lokacin tashi. "Da yamma" ba lokaci ba ne. "Bayan la'asar" kaɗai ma tana da faɗi, wani ya zo ƙarfe huɗu da kwata, wani ya zo shida saura. "Ƙarfe 4:30" kaɗai kuma tsofaffi ba da shi suke aiki ba. Ka haɗa: bayan sallar la'asar, ƙarfe 4:30, a tashi kafin magariba. A Janairu magariba a Yamai tana yi ne bayan shida da rabi kaɗan, wato kuna da kamar awa biyu, kuma sanin cewa kiran salla zai tashi taro yana sa mai dogon bayani ya taƙaita. Zaman bayan isha'i yana ja har sha ɗaya na dare, matan da suka zo daga Harobanda ko Talaje su fara tashi ɗaya bayan ɗaya saboda abin hawa, alhali su ne masu sanin yawan tukwane. Zaman hantsi kuma yana jawo abincin rana na mutum ashirin, kuɗin da ba a sa a lissafi ba.

Wuri shi ne gidan da kowa zai shiga ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. A halinku gidan marigayi, inda Mama take, shi ne daidai, domin gida ne na kowa. Kada ka bi faɗin falo ka kai zaman gidan ɗan'uwa mai kuɗi, nan take zai zama mai masauki kuma mai magana ta ƙarshe, wanda ba shi da abin bayarwa da yawa ya kame bakinsa. Kwatance kuwa a yi shi yadda ake yi wa mai tasi: unguwa, babbar alama da kowa ya sani, kwana nawa daga nan, launin ƙofa. Kada ka ce "ai kowa ya san gida". Ƴan Tawa da suka yi shekara biyar ba su zo ba za su tarar an yi sabbin shaguna a bakin layi, itacen da suke kwatance da shi an sare. A tura alamar wuri ta waya ga masu amfani da ita, a sa lambar yaro ɗaya wanda aikinsa a ranar shi ne ɗaga waya da tarbo mutane a bakin titi. Kada ta zama lambarka, kai kana ciki da biro da takarda.

Ajanda ita ce zuciyar saƙon, kuma ita ce ta fi buƙatar tunani. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce a raba abin da aka riga aka yanke da abin da ake neman shawara a kai, a rubuta su daban. Ranar ɗaurin aure an sa. Mijin an amince da shi. Waliyyi an san shi. Waɗannan sanarwa ce, su zo a sama cikin jimla mai nuna an gama. In ka rubuta "tattaunawa kan ranar biki" a cikin ajanda, ka buɗe ƙofar da aka riga aka rufe da dangin ango, wani zai ce ranar ta yi karo da tafiyarsa, awa guda ta tafi. Haka kuma kalmomi irin su "shirye-shirye" da "sauransu" ba sa gaya wa kowa abin da zai zo da shi. Kowane batu a rubuta shi yadda za a gane an gama shi ko ba a gama ba: wa zai yi, nawa ne, zuwa yaushe.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa, sai ka cike sunaye:

> Assalamu alaikum wa rahmatullah.
>
> Baffa Alhaji (wane) da Mama Hajiya (wance) suna gaishe da iyaye da ƴan'uwa baki ɗaya. Kamar yadda aka sani, an sa ɗaurin auren ƴarku (wance) ranar Asabar 14 ga Fabrairu a Yamai, in Allah ya kai mu. Baffa yana roƙon ku halarci zaman dangi domin a tsara hidimar tare.
>
> Rana: Lahadi 4 ga Janairu.
> Lokaci: bayan sallar la'asar, ƙarfe 4:30. Za a tashi kafin magariba.
> Wuri: gidan marigayi Malam (wane), unguwar Bukoki, layi na biyu bayan masallacin Juma'a, ƙofa mai shuɗin fenti. Mai neman kwatance ya kira (wane) a lamba (kaza).
>
> Abin da za a tattauna:
> 1. Kayan ɗaki: abin da aka riga aka tanada da abin da ya rage.
> 2. Abincin ranar ɗaurin aure, rumfa da kujeru: yawan baƙi da wanda zai kula.
> 3. Masaukin baƙin Tawa da na sauran garuruwa.
> 4. Waɗanda za su karɓi lefe da waɗanda za su kai amarya.
> 5. Jimillar kuɗin hidima, wanda zai riƙe, da ranar rufe karɓar gudummawa.
>
> Ba za a karɓi kuɗi a wurin zaman ba. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Alhamis 1 ga Janairu, ya faɗi wanda zai wakilce shi.
>
> Allah ya bar zumunci. Ɗanku (wane) ne ya rubuta, da umarnin Baffa.

Ka lura da kalmar "ƴarku". Da gangan take, tana tuna wa kowa cewa hidimar tasa ce. Ka kuma lura kuɗi ya zo a ƙarshe. In ka sa shi a lamba ta ɗaya, mai karatu zai ga saƙon a matsayin takardar haraji, kuma a wurin zaman za a fara jayayya kan adadi tun ba a san me za a saya ba. In aka bi jerin nan, kowane batu yana haifar da lambarsa, na biyar ya zama tarawa kawai. Jimlar nan ta "ba za a karɓi kuɗi a wurin zaman ba" kuwa ita ce mai kawo waɗanda da za su noƙe. Akwai Inna da take da shawara mai kyau da hannun girki, amma ba ta da ko jika biyar a wannan makon. In tana tsoron za a zagaya da faranti a gaban jama'a, ranar za ta tashi da ciwon kai.

Batu na farko yana buƙatar shiri kafin zama, in ba haka ba zai cinye lokacin duka. Mama da yayyen amarya su zauna tun da wuri su rubuta abin da ke ƙasa: a ce kwanuka, tukwane, zannuwan gado da labule an tara su tun shekarun baya, abin da ya rage gado da katifa, kabad, kujeru da murhun gas. Wani ya je wurin kafinta da kasuwa, Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa, ya zo da farashi na gaske, biyu ko uku a kan kowane abu. Da wannan takarda a hannu, magana takan ƙare cikin minti ashirin, domin sau da yawa wani Kawu zai ce "katifa tawa ce", a soke ta daga lissafi. Ba tare da ita ba, sai a yi ta "ai gado yanzu ya yi tsada", ba wanda ya san nawa.

Na biyu kuma kan yawan baƙi yake tsayawa. Kada a fara da "buhu nawa za a saya", a fara da "mutum nawa za mu ciyar, sau nawa". Masu girkin biki sukan yi lissafin kilo ɗaya na shinkafa ga mutum bakwai zuwa takwas in ana zubawa a manyan tire. A ce kuna sa ran mutum 300 a abincin rana, wajen kilo 40 ke nan, sai a sayi buhu mai kilo 50 saboda maƙwabta da kwanukan da ake aikawa gidaje. Amma baƙin Tawa da za su kwana uku suna da karin kumallo da tuwon dare, kuma wannan ne ake mantawa, sai ranar Juma'a a ga an buɗe buhun ranar Asabar. Shi ya sa masauki ya zama batu mai zaman kansa: mutum nawa, gidan wa maza, gidan wa mata, wa ke ciyar da su.

A batun kuɗi, duk adadin da za a faɗa a rubuta shi da lamba, a sa sefa a gabansa. Bakinmu yana ƙirga da dala da jika, takarda tana ƙirga da faran. In ka ce "ɗari biyar", tsohuwa za ta ji dala ɗari biyar, wato jika biyu da rabi, ɗan makaranta ya ji 500. In akwai dangi a Illela ta Najeriya ko Sakkwato, su kuma naira za su ji. A zaɓi mai riƙe kuɗi mutum ɗaya, mai rubutawa wani daban, kuma ya fi kyau ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa. Na nesa su aiko ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana da sunan mai riƙon kaɗai, kada kuɗi ya bi hannu uku. Ranar rufewa a sa ta wajen 2 ga Fabrairu. Ni ban goyi bayan a yanka wa kowa adadi ɗaya ba, a faɗi jimilla da giɓin da ya rage, kowa ya sami mai riƙon a keɓe ya faɗi abin da zai iya.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga saƙon ba ko da wani ya matsa. Sadaki haƙƙin amarya ne, maganarsa tana tsakanin waliyyi da wakilin ango, ba a sa shi a faifan dangi, kuma ba a lissafa shi cikin kuɗin abinci sai da yardarta. Sakamakon gwajin jini na ma'auratan ne da iyayensu. Sai babba a gidan da uba ya rasu: gado. In ba a raba ba, akwai yiwuwar wani ya ce a cire kuɗin kayan ɗaki daga hayar shagon marigayi ko daga gonar Tawa, daga nan zaman biki ya rikiɗe ya koma zaman gado. Ka gaya wa Baffa tun a waya cewa in maganar ta taso, shi zai ce "wannan da ranarta". Daga bakinsa za ta mutu, daga bakinka za ta zama rashin kunya. Anko ma ban sa shi ba, da gangan. Zaɓen atamfa zai iya cin awa guda, maza suna kallon agogo. A bar wa mata su tsayar a nasu zaman, su kawo farashi kawai.

Saƙon rubutu shi kaɗai ba ya isa ga kowa, domin da yawa daga cikin iyayenmu ba sa karanta boko. Ka ɗauki murya, ka karanta shi a natse, kada ya wuce minti ɗaya da rabi, ka maimaita rana da lokaci sau biyu. In Baffa zai yarda ya yi muryar da kansa, ya fi komai, ko da gaisuwa ce da "ku saurari abin da yaro zai karanta". In zauren WhatsApp ɗin ya haɗa har da surukai da jikoki, kada ka zuba gayyatar a can, ka tura wa waɗanda aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, don kada wanda ba a nufa ba ya zo, ko ya ji an ware shi. Ranar Juma'a 2 ga wata ka yi tuni a gajarce, rana da lokaci da wuri kawai.

In ta kama Baffa ba zai iya tafiyar ba, kada a ɗage zaman, makonnin ba su da yawa. Ya naɗa wakili da bakinsa, ya faɗa wa manya kafin ranar, a sa sunan wakilin a cikin tunin. A kira shi a buɗe murya ya yi addu'ar buɗewa, a sake kiransa a ƙarshe a karanta masa abin da aka tsayar. Barin waya a buɗe awa biyu ba ya aiki, layi yana yankewa, ana ta "Baffa kana ji?" har a rasa inda aka tsaya.

A daren ranar, kafin ka kwanta, ka tura wa duk waɗanda aka gayyata, har da waɗanda ba su zo ba, abin da aka yanke cikin layi biyar ko shida: katifa Kawu wane, rumfa biyu da kujeru 200 wane zai kama kafin 15 ga Janairu, baƙi mata gidan Gwaggo, kuɗi hannun wance zuwa 2 ga Fabrairu. Adadin da kowa ya yi alkawari kada ya fito a ciki, wannan yana littafin mai riƙo. Shi ma wannan saƙon Baffa ya fara ji kafin ya fita.